Bayanin ci gaban aiki: haska robar man kaɗanya da fitilu uku a Blender

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Abin da ake so shi ne hoto ɗaya tsaf na robar man shafawa da aka yi da man kaɗanya, a kan farin fili, wanda mai kayan za ta saka a shagonta na intanet. Robar fara ce mai ɗan santsi, tsawonta santimita 7, faɗinta santimita 8, murfinta baƙi ne mai sheƙi, kuma takardar sunan da ke jikinta ruwan lemo ce mai kauri. An riga an gama gina siffarta, saura haske. Ina aiki da Blender 4.2 da injin Cycles.

Yau ban kunna fitila ko ɗaya ba. Na fara da tabbatar da cewa girman robar a cikin manhajar daidai yake da girmanta na zahiri, wato 0.07 da 0.08 na mita, sannan na danna Ctrl+A na zaɓi Scale domin awon ya zauna. Dalili kuwa shi ne ƙarfin fitila a Blender ana auna shi ne da wat, kuma abin da ya isa jikin kaya ya dogara da nisan fitilar a ma'aunin mita, saboda haka robar da aka gina da tsawon mita 7 za ta nemi ƙarfin da ya ninka wanda ake bukata sau dubu goma kafin ta yi haske iri ɗaya. Na goge fitilar da ke zuwa da sabon fayil, mai wat 1000, na kuma mayar da Strength na World, wato hasken da ke kewaye da fagen gaba ɗaya, zuwa 0, domin kada wani haske da ban saka da hannuna ba ya shiga lissafi.

Kyamarar na ba ta Focal Length na milimita 85, na ajiye ta rabin mita daga robar, tana kallonta daga sama da kimanin digiri 20, yadda saman murfin zai ɗan fito. Lambar F-Stop da ke ƙarƙashin Depth of Field ba ta ƙara haske ko rage shi a Blender, dushewar gaba da baya kawai take sarrafawa, don haka na bar sashen a kashe gaba ɗaya, tunda ana so kowane harafi na takardar ya karantu.

Abu na ƙarshe shi ne katin awo. Na yi ɗan allo a tsaye mai fuskantar kyamara, na ba shi Diffuse BSDF, na rubuta 0.18 a gidajen R da G da B duka. A gidajen RGB ake rubuta wannan lamba, domin gidan Value na HSV ba a ma'auni ɗaya yake da su ba, kuma 0.18 a can zai ba da toka mai duhu sosai fiye da wadda ake nufi. Duk lokacin da zan yi awo, zan ɓoye robar in tsayar da katin a wurinta, a kan farin daɓen da na shimfiɗa.

Talata, 8 ga Oktoba

Babbar fitila, wadda na sa wa suna Key, nau'in Area ce mai kusurwa huɗu. Na ajiye ta hagu da kyamara da digiri 45, na ɗaga ta digiri 30, nisanta daga tsakiyar robar mita 0.8. Na saka Empty, wato alamar wuri da ba ta fitowa a hoto, a tsakiyar robar na ɗaure fitilar da shi ta hanyar Track To, yadda duk inda na ja ta fuskarta za ta ci gaba da kallon kayan.

Mafi yawan aikin yau a kan Size ya tafi, ƙarfin kuwa na tsayar da shi a wat 4. Da na sa faɗin fitilar 0.1 na mita, inuwar da ke kan daɓe ta fito da baki mai kaifi, kuma iyakar haske da duhu a jikin robar ta zama kamar an ja ta da layi. Da na kai shi 1.2, inuwar ta narke har robar ta fara rasa zagayenta, ta yi kama da abin da aka yanka aka manna. Na tsaya a 0.6. Abin da ke tausasa inuwa shi ne girman fitila kamar yadda kayan ke ganinta, wato faɗinta idan aka gwada da nisanta, shi ya sa matso da fitila kusa yake tausasa inuwa kamar yadda faɗaɗa ta yake yi, sai dai matsowar tana ƙara haske sosai, faɗaɗawar kuwa ba ta ƙara ba.

Wannan batu na biyu yana da amfani a riƙe shi. Idan aka faɗaɗa fitilar Area ba tare da taɓa wat ɗinta ba, ƙarfin nan ɗaya ne ake shimfiɗawa a kan fili mai faɗi. Hasken da ke sauka a farin jikin robar ba zai canza sosai ba, amma hoton fitilar da ke bayyana a wuri mai sheƙi zai yi girma ya kuma dushe. Daga 0.6 zuwa 0.9, alal misali, filin fitilar ya ninka sau 2.25, kuma ƙyallinta a gefen murfi zai ragu da wannan adadin. Saboda haka idan ƙyalli ya yi zafi a kan abu mai sheƙi alhali sauran jikin yana daidai, Size ake fara taɓawa kafin Power.

Na fitar da hoton katin da Max Samples 128, na buɗe shi a Image Editor, na yi amfani da Sample na duba tsakiyarsa. Lambobin farko da ke fitowa su ne hasken ainihi kafin a sarrafa launi, waɗanda ke bayan CM kuwa su ne abin da allon kwamfuta ke nunawa. Na farkon nake rubutawa. Key ita kaɗai ta ba da 0.08.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Fitilar cike inuwa, Fill, tana dama da kyamara da digiri 30, a ƙasa-ƙasa da kimanin digiri 10, nisanta mita 1.2, faɗinta mita 1. Na yi ta babba kuma kusa da layin kyamara domin kada ta haifar da inuwa ta biyu mai ɗaukar ido.

An saba cewa a ba Fill kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin Key, kuma na gwada hakan a gidan Power domin in ga abin da zai bayar. Da wat 1, bayan na kashe Key, katin ya nuna 0.01 kawai, wato kashi ɗaya cikin takwas na abin da Key ta bayar. Dalilan a fili suke. Fill ta fi nisa, kuma haske yana raguwa ne da nisa sau nisa: 1.2 ya ninka 0.8 sau ɗaya da rabi, hasken kuwa ya ragu sau 2.25. Sannan Key, da yake tana sama, tana haska farin daɓe da kyau, daɓen kuma yana mayar da wani kaso zuwa jikin katin, abin da Fill ba ta samu sosai saboda haskenta shafar daɓen kawai yake yi. A ɗaya ɓangaren, Fill ta fi fuskantar katin kai tsaye, wanda ya ɗan rage mata asara. Waɗannan abubuwa uku ba sa bayyana a lambar wat, shi ya sa na ɗauki lambar wat a matsayin abin juyawa kawai, awon kuma a jikin kati.

Da wat 3 katin ya ba da 0.03. Idan an kunna fitilun biyu, ɓangaren da dukansu ke haskawa yana samun 0.11, domin haske a Cycles tarawa ake yi, ɓangaren inuwa kuma yana samun 0.03 na Fill kaɗai. Rabon ya kusa 4 da 1, wato tazarar mataki biyu, inda kowane mataki ke nufin ninki biyu na haske. Na gwada matso da rabon zuwa 2 da 1, sai hoton ya yi fari fat ba tare da siffa ba, kuma a ganina farar roba ta fi sauran kaya bukatar inuwa, domin inuwar ce kaɗai ke nuna cewa zagayayya ce. A 8 da 1 kuwa haruffan ƙarshe na takardar, waɗanda suka zagaya dama, sun shiga duhu. Na bar shi a 4 da 1.

Duk fitilun farare ne tas, ban saka musu wani launi ba. Ɗan ja-ja a Key da ɗan shuɗi a Fill suna ƙawata hoto, amma a nan mai saye zai gwada launin takardar da abin da ya iso hannunsa.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Fitilar baya, wadda na sa wa suna Rim, ita ce ta fi ba da aiki, kuma a nan ne tsarin fitilu uku kamar yadda ake koyar da shi bai dace da wannan kaya kai tsaye ba. Amfaninta na asali shi ne ta zana siririn haske a gefen abu domin ta raba shi da bango mai duhu. Bangonmu fari ne, robar ma fara ce. Da na ajiye Rim a baya ta dama na kunna, gefen robar ya yi haske, kuma a kan farin fili wannan hasken cinye gefen zai yi har a kasa gane inda roba ta ƙare. Ga shi kuma ta jefo inuwa gaba, wajen kyamara.

Wanda yake bukatar fitilar baya shi ne murfin. Baƙin abu mai sheƙi kusan ba ya nuna hasken da ya sauka a kansa, abin da yake nunawa shi ne hoton abubuwan da ke kewaye da shi, kamar madubi. Da Key da Fill kaɗai, saman murfin baƙin da'ira ne wanda babu komai a cikinsa, domin abin da ke gabansa a kusurwar da ta dace shi ne World, wanda na mayar baƙi. Tunda haske yana tashi daga wuri mai santsi ne da kusurwar da ya sauka, kuma kyamara tana kallon saman murfin, wanda ya fi tsakiyar robar tsayi, daga kimanin digiri 16, dole fitilar ta kasance daidai bayan robar, a ɗage da digiri 16 ɗin nan. Na yi ta Rectangle, 0.6 da 0.3, nisan mita 0.7. Ko da gefenta ya shigo cikin hoton ba za a gan ta ba, domin fitilu a Cycles ba sa bayyana ga kyamara sai an kunna Camera a Ray Visibility.

Ƙarfin da ta nema kaɗan ne, wat 1. Roba mai IOR, wato ma'aunin lanƙwasa haske, na 1.5 tana mayar da kimanin kashi 4 cikin ɗari na haske idan an kalle ta kai tsaye, amma a irin wannan kallo na shafa, kason yana hawa zuwa kusan ɗaya cikin huɗu. Da wat 3 saman murfin ya koma fari har ya daina kama da baƙar roba. Na kuma ɗan ja fitilar ƙasa yadda hotonta zai rufe rabin saman murfin na baya kawai, ya bar na gaba baƙi, domin ido ya ga launin ainihi da sheƙin a tare.

Domin in hana ta taɓa jikin robar da daɓe, na yi amfani da Light Linking, wanda ya shigo Cycles a Blender 4.0. Yana cikin Object Properties na fitilar, ƙarƙashin Shading. Na ƙirƙiri Collection na saka murfin kaɗai a ciki, nan take hasken gefen roba da inuwar gaba suka ɓace.

Gefen murfin na tsaye ya rage baƙi ƙirin, ban da siririn ƙyalli a kan lanƙwasar bakinsa. Na daɗe ina juya Key domin hotonta ya fito a wurin kafin lissafin kusurwa ya nuna cewa ba zai yiwu ba. Kallon da ya zo daga sama ya bugi bango a tsaye, ƙasa yake ci gaba da gangarawa, kuma daga tsayin santimita 6 yana isa daɓe a cikin kimanin santimita 20. Duk fitilar da ke sama ba za ta taɓa bayyana a wurin ba. Sai na tsayar da siririn allo a kan daɓe, santimita 15 daga robar ta hagu, na ba shi Emission mai Strength 8, na kashe masa Camera da Diffuse da Shadow a Ray Visibility na bar Glossy. Ya ba da zirin haske a tsaye a gefen murfin, kuma da na sake auna katin yana nan a 0.11, alamar bai ɓata rabon jiya ba.

Litinin, 14 ga Oktoba

Sai yau na taɓa Exposure, bayan rabon fitilun ya zauna. Na jinkirta shi da gangan, domin idan ana juya ƙarfin fitilu ana kuma juya Exposure a lokaci ɗaya, ba za a san wanne ya kawo canjin da ake gani ba.

Akwai gidaje biyu masu wannan suna a Render Properties. Na ƙarƙashin Film ninki ne kai tsaye, yana farawa daga 1.0, yana kuma shiga cikin lambobin hoton kansu, don haka sai an sake fitar da hoto kafin a ga tasirinsa. Na ƙarƙashin Color Management da matakai yake aiki, yana farawa daga 0, ƙarin 1 yana ninka haske sau biyu, kuma ana ganin canjin nan take a kan hoton da aka riga aka fitar. Da na biyun nake aiki, na farkon na bar shi a 1.0. Domin katin ya zauna a 0.18, lissafin shi ne:

```
Exposure = log2(0.18 / 0.11) = 0.71
```

Na rubuta 0.7, na juya View Transform zuwa False Color domin in tabbatar, katin kuwa ya fito ruwan toka, wanda shi ne launin da wannan kallo ke ba tsaka-tsakin haske. Da na mayar da robar, jikinta na ɓangaren Key ya faɗa cikin launuka masu ɗumi amma babu inda ya kai fari, wato babu inda ya ƙone.

Matsalar ta fito ne da na koma AgX, wanda shi ne zaɓin farko tun Blender 4.0. Hoton ya yi laushi da kyau, amma ruwan lemon takardar ya dushe, farin robar kuma ya yi toka-toka. Haka aka gina AgX: yana tattara haske mai faɗi sosai cikin abin da allo zai iya nunawa, yana kuma rage kaurin launi yayin da haske ke hawa, abin da ke da kyau ga hoton da akwai rana ko wuta a cikinsa. Na gwada ƙara Look mai ƙarfi, launin ya ɗan dawo amma bai dace da fayil ɗin da aka buga takardar da shi ba. Standard ya ba da launin daidai, sai dai duk abin da ya wuce 1.0 yanke shi yake yi, kuma jikin robar yana dab da wurin.

Na zaɓi Khronos PBR Neutral, wanda aka ƙara a 4.2 saboda irin wannan aiki na hoton kayan sayarwa. Yana barin launuka kusan yadda suke har zuwa wajen 0.8, daga nan ya fara danne haske a hankali. Wannan iyaka ce ta sa na sake lissafin Exposure, kuma a wannan karon abin da na auna shi ne wuri mafi haske a farin jikin robar. Sample ya nuna 0.6. Da Exposure 0.7 ninkin 1.62 ne, wanda ya kai wurin 0.97, ya shiga yankin dannewa inda zagayen robar ke fara bajewa. Da 0.4 ninkin 1.32 ne, wurin ya tsaya a 0.79. Katin zai sauka zuwa kimanin 0.145, kuma na amince da hakan, domin katin ya gama aikinsa na daidaita rabo, abin da za a sayar kuma fari ne.

```python
import bpy
vs = bpy.context.scene.view_settings
vs.view_transform = 'Khronos PBR Neutral'
vs.exposure = 0.4
```

Gamma na bar shi a 1.0.

Laraba, 16 ga Oktoba

Farin fili bai fito fari ba, kuma ba zai fito ba muddin daɓen yana bi ta View Transform. Ko fari mai 1.0 da aka saka ta Alpha Over a Compositor ana danne shi kafin ya isa allo, ya tsaya ƙasa da 255, kuma a kan shafi fari tas za a ga iyakar hoton a matsayin akwati mai ɗan toka. Ƙara wa daɓen haske har ya ƙone ba mafita ba ce, domin zai watsa hasken ƙasan robar ya rushe rabon 4 da 1. Na kunna Transparent a Film, na sa wa daɓen Shadow Catcher a Visibility, na adana hoton a PNG mai RGBA, sannan na shimfiɗa shi a kan fari a GIMP. Daɓen yana ci gaba da mayar wa robar haske kamar da, shi kansa ne kawai ba a gani.

Hoton gwaji na 2000 da 2000, da Noise Threshold a 0.01 da OpenImageDenoise, ya fito da haruffa masu kaifi, gefen robar na hagu ya rabu da fili, murfin kuma yana karantuwa a matsayin baƙi mai sheƙi. Na tura wa mai kayan, ta ce launin takardar ya dace da wadda ke hannunta, amma inuwar da ke ƙasa ta dama ta yi nauyi. Na yarda da ita. Kusan duk hasken daɓen daga Key yake zuwa, tunda Fill tana ƙasa kuma World baƙi ne, saboda haka inda robar ta tare Key babu abin da ke cike wurin.

Hanyoyi biyu nake da su. Zan iya ɗaga Strength na World kaɗan, amma hakan zai ƙara wa ɓangaren inuwa na robar haske, ya kuma bayyana a murfin, kuma sai na sake auna kati da Exposure. Zan fara gwada ta biyun gobe: in kunna Shadow Catcher a Passes na View Layer domin inuwar ta fito daban, in rage ƙarfinta zuwa kimanin rabi a lokacin haɗawa, ba tare da na taɓa fitila ko ɗaya ba. Bayan wannan akwai ƙaramar robar mai tsawon santimita 5, wadda murfinta ya fi ƙasa, don haka sai an sake daidaita tsayin Rim da wurin allon da ke ba gefen murfi ƙyalli.